Kana Kano, manhajarka na kwaso maka labaran Amurka: ga inda matsalar take

A ce malaminka ya ba ka aikin nazarin kanun labarai. Ya ce ka tattara manyan labaran da Google News ke nuna wa 'yan Najeriya kullum safe har tsawon wata guda, sannan ka ƙirga nawa ne na siyasa, nawa ne na tsaro, nawa ne na nishaɗi. Kwafa da hannu zai cinye maka lokaci, sai ka rubuta 'yar gajeriyar manhaja da Python wadda za ta riƙa shiga shafin tana ɗebo kanun tana ajiyewa. Wannan shi ne abin da masu harkar ke kira sikirafin, wato kwasar bayanai daga shafin intanet ta hanyar manhaja. Da yake Google Colab kyauta ne kuma ba ya buƙatar babbar kwamfuta, a can ka ɗora aikin.

Ranar da ka buɗe fayil ɗin don fara ƙirga, sai ka tarar da labaran majalisar dokokin Amurka, da wasan ƙwallon kwando, da hasashen guguwa a Florida. Manhajar ba ta taɓa nuna maka jan rubutu ba, ba ta taɓa tsayawa ba. Ta yi aikinta tsaf, sai dai bayanan wata ƙasa ta kwaso. Kuma kanun safiyar da ta wuce ba ya dawowa, balle ka ce za ka sake.

Tushen matsalar shi ne yawancinmu mun ɗauka adireshi ɗaya na nufin shafi ɗaya. Ba haka ba ne. Manyan shafuka sai sun duba wane ne ya ƙwanƙwasa ƙofa kafin su yanke shawarar abin da za su miƙo masa. Idan manhajarka ba ta faɗi ko ita wace ce ba, shafin zai yi mata hasashe, kuma ba zai gaya maka ya yi ba.

Ta ina shafi ke gane ka?

Duk lokacin da ka buɗe shafi, burauzarka na aika saƙon buƙata zuwa saba, wato babbar kwamfutar da shafin ke zaune a kanta. A cikin wannan buƙatar akwai wurare huɗu da sabar ke iya dubawa don sanin harshenka da ƙasarka.

Na farko shi ne adireshin shafin kansa. Wani lokaci alamar tana fili, kamar yadda sashen Hausa na BBC yake a `bbc.com/hausa`. Wani lokaci kuma tana bayan alamar tambaya a ƙarshen adireshin, a matsayin faramita, wato suna da darajarsa da aka haɗa da alamar daidai, irin `gl=NG`.

Na biyu shi ne heda, wasu 'yan layuka da burauza ke liƙawa a saman kowace buƙata ba tare da ka gani ba. Wanda ya shafe mu a nan sunansa `Accept-Language`, kuma shi ke jera harsunan da ka saita a wayarka ko kwamfutarka bisa fifiko. Abin lura shi ne, laburaren `requests` na Python, wanda yawancin masu koyo ke farawa da shi, ba ya aika wannan hedan sam sai ka saka shi da kanka. Ke nan burauzarka na cewa "ni Turancin Najeriya nake so", manhajarka kuwa ta yi gum.

Na uku shi ne kuki, ɗan guntun rubutu da shafi ke ajiyewa a burauzarka, ita kuma ta riƙa mayar masa da shi duk lokacin da ka dawo. Idan ka taɓa zaɓar naira a wani shagon intanet, washegari ka tarar bai manta ba, to kuki ne ya tuna masa. Manhajarka sabuwar baƙuwa ce a kowane shiga, ba ta da kuki ko ɗaya.

Na huɗu shi ne adireshin IP, lambar da ke nuna ta wane layin intanet buƙatar ta fito. Idan babu ɗaya daga cikin ukun farko, a kan wannan shafuka ke dogara. To a nan Colab ke yi wa mutane ba-zata. Kai kana zaune a Kano, amma manhajar ba a kwamfutarka take gudana ba. Tana gudana ne a wata cibiyar kwamfutocin Google, sau da yawa a Amurka, wani lokaci a Turai ko Asiya. Idan kana son gani da idonka, rubuta wannan a Colab:

```
!curl ipinfo.io/country
```

Harufa biyun da za su fito su ne ƙasar da shafuka ke ɗauka kana ciki.

Misali na farko: faramitocin Google News

Mu koma kan kanun labarai. Google News na da sigar RSS, wato jerin kanun a rubutu tsantsa mai sauƙin karantawa ga manhaja. Kafin ka fara ɗibar komai, tambayi manhajar inda ta sauka a zahiri:

```python
import requests
r = requests.get("https://news.google.com/rss")
print(r.history)
print(r.url)
```

Kai gajeren adireshi ka bayar, amma abin da zai fito ya fi shi tsawo. Idan daga Amurka buƙatar ta fita, za ka ga an ƙara masa `hl=en-US&gl=US&ceid=US:en` a ƙarshe. Layin `r.history` kuma zai nuna maka cewa sai da aka karkatar da buƙatar kafin a ba ta amsa. Sabar ta duba, ta ga ba ka faɗi komai ba, ta zaɓa maka bugun Amurka, `requests` kuma ya bi karkatarwar shiru kamar yadda aka tsara shi.

Abin daɗin shi ne shafin ya tona asirin kansa: ga sunayen makunnan nan uku a fili. `hl` harshe ne, `gl` ƙasa ce, `ceid` kuma ya haɗa ƙasa da harshe don nuna bugun da ake so. Sai ka cike su da kanka:

```python
p = {"hl": "en-NG", "gl": "NG", "ceid": "NG:en"}
r = requests.get("https://news.google.com/rss", params=p)
```

Yanzu ko a wace ƙasa manhajar ke gudana, bugun Najeriya ka nema da bakinka. Ko a waya za ka iya gwada wannan. Buɗe adireshin da waɗannan faramitocin, sannan ka mayar da su `hl=en-GH&gl=GH&ceid=GH:en`, ka ga yadda jaridun Ghana za su maye gurbin na gida.

Ka kiyaye da harufan nan, don suna da tarko ga mu 'yan wannan yankin. Lambar Najeriya `NG` ce, ta Nijar `NE`. `NI` kuwa, da hannu ke saurin rubutawa, ta Nikaragua ce. Sannan idan ka saka `ne` a gurbin harshe maimakon gurbin ƙasa, harshen Nepal ka nema. Lambar Hausa `ha` ce, amma rubuta ta ba ya nufin shafin na da ita. Bugun Najeriya na Google News da Turanci yake. Shafuka da yawa idan ka nemi abin da ba su da shi ba sa ƙin amsawa, sai su ba ka abin da ke hannunsu kawai.

Idan adireshin bai canza ba: farautar kuki

Ba kowane shafi ke da wannan sauƙin ba. Ɗauki AliExpress, inda matasa da yawa ke duba farashi kafin su yi odar kaya. Ka canza ƙasar da za a kai kaya, ka canza kuɗi daga dala zuwa naira, farashi ya sauya, amma adireshin kayan da ke saman burauza na nan yadda yake. Wannan alama ce cewa makunnin na ɓoye a wani wuri, kuma kuki ne wanda za a fara zargi.

Wannan aikin na buƙatar kwamfuta. Ka buɗe sabuwar taga ta sirri a Chrome, wadda ake kira Incognito, domin ka fara ba tare da tsofaffin kukis ba. Shiga shafin kayan, danna F12, sai kayan aikin masu gina shafi su buɗe a gefe. Je sashen Application, ka zaɓi Cookies, ka danna sunan shafin. Za ka ga dogon jeri na sunaye da darajoji. Ɗauki hotonsa ko ka kwafe shi gefe, domin shi ne "kafin".

Daga nan ka koma sashen Network, ka sa alama a Preserve log. Wannan na da muhimmanci, saboda canza ƙasa kan sa shafi ya sake buɗewa, kuma in ba ka sa alamar ba, jerin buƙatun zai goge daidai lokacin da kake buƙatarsa. Sai ka canza abu ɗaya tak a shafin, a ce kuɗi kawai. Kada ka haɗa kuɗi da ƙasa da harshe a lokaci guda, don ba za ka gane wanne ya motsa wanne ba. Koma jerin kukis ka gwama da hoton farko.

Za ka ga kukis da dama sun canza, amma yawancinsu dogayen lambobi ne marasa ma'ana, na ƙirga baƙi da talla, masu canzawa ko ba ka taɓa komai ba. Wanda kake nema shi ne wanda ake iya karantawa. A AliExpress sunansa `aep_usuc_f`, kuma cikinsa na kama da wannan:

```
site=glo&c_tp=USD®ion=US&b_locale=en_US
```

Kuki ɗaya ne, amma makunni da yawa ke cikinsa: `c_tp` kuɗi, `region` ƙasar da za a kai kaya, `b_locale` harshe. Zargi bai isa ba, sai ka tabbatar. Danna darajar sau biyu a cikin sashen Application, ka mayar da `USD` zuwa `NGN` da hannunka, ka sake buɗe shafin. Idan farashi ya koma naira ba tare da ka taɓa wani maɓalli a shafin ba, ka kama ɓarawon. Ka yi haka ga `region` ma, daga `US` zuwa `NG`.

Wannan na biyun ya fi na farko nauyi. Canza kuɗi lissafin canji ne kawai. Canza ƙasa kuwa na taɓa kuɗin jigila, da kwanakin isowa, da ko kayan ma ana kai shi ƙasar, sannan ga mai saye a Tarayyar Turai farashi kan zo haɗe da harajin saye. Wanda ya saita naira ya bar ƙasa a Amurka zai samu tebur mai kyan gani, duk a naira, amma na kayan da za a kai New York ne. Idan a kan wannan teburin ka gina lissafin ribarka, za ka ji a jikinka ranar biya.

Dabarar raba biyu

Idan kukis ɗin sun yi yawa kuma babu wanda sunansa ya tona shi fa? A sashen Network, danna dama a kan buƙatar farko ta shafin, ka zaɓi Copy, sannan Copy as cURL. Wannan zai ba ka buƙatar gaba ɗayanta, da hedojinta da kukis ɗinta, a matsayin umarnin da za ka iya gudanarwa a kwamfutarka. Gudanar da shi tukuna yadda yake, ka tabbata amsar na ɗauke da abin da ka gani a burauza.

Sai ka fara ragewa. Cire duk kukis ɗin a karon farko. Idan amsar ba ta canza ba, ba kuki ba ne, sai ka juya kan `Accept-Language`. Idan ta canza, mayar da rabi ka bar rabi. Rabin da ya dawo da amsar daidai, shi ke ɗauke da makunnin, sai ka sake raba shi. Idan kukis 32 ne kuma ɗaya ne ke aikin, gwaji 5 ya isa: 16, 8, 4, 2, 1. Idan kuwa ka raba ka ga kowane rabi ya kasa shi kaɗai, to kukis biyu ne ke aiki tare kuma ka raba su gida biyu, sai ka koma cirewa ɗaya bayan ɗaya.

Hattara da abu ɗaya: umarnin da ka kwafo na ɗauke da duk kukis ɗinka. In ka shiga akawun ɗinka kafin ka kwafa, wanda ya samu wannan rubutun na iya shiga a matsayinka. Kada ka tura shi guruf don neman taimako. Wannan ma wani dalili ne na amfani da tagar sirri ba tare da shiga akawun ba.

Bayan ka gano shi, saka shi a manhaja layi uku ne:

```python
s = requests.Session()
s.headers["Accept-Language"] = "en-NG,en;q=0.9"
s.cookies.set("sunan_kuki", "darajarsa")
```

Amfanin `Session` shi ne yana riƙe kukis daga buƙata zuwa buƙata, kamar yadda burauza ke yi.

Inda dabarar ke tsayawa

Akwai kukin da ba ya ɗauke da zaɓinka, lambar tikiti kawai yake ɗauke da ita, kamar ɗan katin da ake ba ka a wurin ajiyar babura. Amazon misali ne mai kyau na duka biyun. Kuɗi na cikin `i18n-prefs`, harshe na cikin `lc-main`, duka ana karanta su a fili. Amma wurin kai kaya ana ɗaure shi ne da zamanka a can sabarsu. Za ka gane irin wannan idan ka canza wuri, ka ga wata buƙata mai alamar POST ta fita a sashen Network, shafi ya sauya, amma babu kukin da ya nuna sabon wurin ƙarara. A nan babu darajar da za ka gyara da hannu, kuma tikitin da ka kwafo na iya mutuwa bayan wani lokaci.

Akwai kuma shafin da ba ya sauraron kowa sai adireshin IP. Ka saka faramita, ka saka heda, ka saka kuki, bai motsa ba, amma da ka kunna VPN sai ya sauya. Idan bayanan Najeriya kake nema kuma kana Najeriya, maganin ya fi komai arha: sauke manhajar daga Colab ka gudanar da ita a kwamfutarka da datar wayarka. Ka kuma sani cewa idan buƙata ta fito daga Turai, wasu shafukan Google kan fara tura ta shafin neman amincewa da kukis, a `consent.google.com`. Lambar amsa za ta ce 200, wato lafiya lau, amma babu labari ko ɗaya a ciki.

Sannan akwai batun izini. Gano kuki a burauzarka abu ne daban da sakin manhaja ta riƙa kwasa. Sharuɗɗan Amazon sun haramta amfani da irin waɗannan manhajojin wajen tattara bayanai, AliExpress kuma kan tare su da gwajin tabbatar da cewa mutum ne. Ita ma RSS ta Google News na ɗauke da sanarwa a samanta cewa an tanade ta ne don karatun mutum na kansa, ba don kasuwanci ba. Karanta wannan da fayil ɗin `robots.txt` na shafin, ka nuna wa mai duba aikinka kafin ka gina furojet a kai. Idan ka ga lambar 429, shafin na cewa ka yi yawa, sai ka tsaya, ka kuma rage gudu.

Sa manhajar ta riƙa bincikar kanta

Tunda wannan matsalar ba ta ihu, kai ne za ka sa mata ƙararrawa. Kowace amsa na ɗauke da wata shaida ta ko ta wa ce. A RSS ta Google News akwai layin harshe a sama, don haka layi ɗaya ya isa ya tsayar da aikin idan bugun ya kauce:

```python
assert "<language>en-NG</language>" in r.text
```

A shafi na yau da kullum, duba `lang` da ke farkon rubutun shafin, da alamar kuɗi kusa da farashi. Alamar kuɗin ma kada ka yarda da ita ɗari bisa ɗari, domin Amurka da Kanada da Ostareliya duk alamar dala suke amfani da ita.

Ka kuma kula da yadda ake rubuta lambobi, don harshe na canza shi. Abin da muke rubutawa 1,299.00, Bajamushe 1.299,00 yake rubutawa. Idan manhajarka ta saba goge waƙafi kafin ta mayar da rubutu lamba, sai ta samu shafin Jamusanci, kayan dubu ɗaya da ɗari biyu da casa'in da tara zai koma 1.299, wato bai kai biyu ba. Kwanan wata ma haka: 03/04 a Najeriya uku ga Afrilu ne, a Amurka huɗu ga Maris.

Saboda haka, a fayil ɗin da kake ajiye sakamako, ƙara ginshiƙai huɗu a gefen kowane layi: adireshin ƙarshe da `r.url` ya nuna, ƙasa da harshen da ka nema, ƙasar da manhajar ta gudana, da lokacin da aka ɗebo. A ranar farko kuma ka buɗe shafin a wayarka, ka ɗauki kanu biyar ko farashi biyar, ka gwama da abin da manhajar ta kawo. Idan sun yi daidai, ci gaba. Idan ba su yi ba, koma kan wuraren nan huɗu, adireshi, heda, kuki da IP, ka riƙa canza ɗaya bayan ɗaya har sai amsar ta motsa.